Saƙon muryar maigida mai minti bakwai, da yadda ake fitar da umarnin da ke cikinsa

*Ina aiki a shagon kayan gini nan Tawa. Maigidana ya fi zama Yamai, kuma ba ya rubutu, sai dai saƙon murya ta WhatsApp, wani minti biyar, wani har bakwai. Ni ake jira in saurara in rubuta wa direba da mai tsaron mangaza abin da za su yi. Sau biyu ke nan Alhaji yana cewa ba haka ya faɗa ba. Yaya ake wannan aiki ba tare da an yi ɓarna ba?*

Ƙanena, abin da za ka fara sauyawa shi ne yadda kake kallon aikin. Yawancin yaran shago suna bin maganar maigida daga sallama har sai an jima, suna rage kowace jimla kaɗan-kaɗan, sai su samu ƙaramin saƙo mai bin tsarin babban. Nan ɓarnar take shigowa, domin mutumin da ya danna waya yana magana, tunani yake yi a fili. Zai faɗi abu, ya zagaya, ya tuna wani, ya dawo ya warware na farko. Wanda ya rubuta takarda ya riga ya yanke shawara kafin ya ɗauki biƙ, shi kuwa mai saƙon murya sau da yawa a cikin saƙon yake yanke ta. Saboda haka abin da kake nema shi ne inda ya tsaya a ƙarshe: wa zai yi, me zai yi, yaushe, nawa, kuma bisa wane sharaɗi. Na daɗe ina riƙe wa ƴan kasuwa rubutu, kuma kusan duk rigimar "ba haka na ce ba" da na gani, a ɗaya daga cikin waɗannan biyar ɗin take.

Saurare na farko ka yi shi hannu wofi, babu kaye babu biƙ, daga farko har ƙarshe. In ka fara rubutu tun minti na ɗaya, abin da ka rubuta zai zauna maka a kai, kuma gyaran da zai zo a minti na shida zai wuce ta gefen kunnenka. Kada kuma ka taɓa maɓallin nan na sauri da ke nuna 1.5x ko 2x a wannan zagayen. Saurin yana da amfani in kana neman wani wuri da ka riga ka sani, amma yana haɗiye ƙananan kalmomi, alhali su ne ke ɗauke da nauyin umarni: "kar", "ba", "sai in", da "sha" ɗin da ke raba biyar da sha biyar. In da mutane a shago, kara wayar a kunne kamar mai amsa kira, sautin zai koma ƙaramar lasifikar sama, ba kowa zai ji sirrin maigidanka ba. Kafin ka ci gaba, duba ko akwai wani ɗan saƙo na daƙiƙa goma da ya biyo bayan dogon. Manya sun saba da haka, kuma sau da yawa ƙaramin ne ke rushe rabin babban.

A saurare na biyu ne za ka ɗauki biƙ. Duk inda ka ji adadi, ko rana, ko sunan wuri, ko "in", ka tsayar da saƙon, ka rubuta abin kamar yadda ya fito daga bakinsa, ka sa mintin da ke kan allo a gefensa. Wannan mintin shi zai cece ka ranar da aka yi gardama, don ba sai ka sake bin minti bakwai kana lalube ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Na tsara shi irin yadda mutanenmu na Adar ke magana, farashin da ke ciki kuma na misali ne kawai. A ce Alhaji ya aiko shi ranar Litinin 12 ga wata, ƙarfe 11:40 na dare, kai kuma ba ka buɗe ba sai Talata da safe. Bayan an cire doguwar gaisuwa da labarin zafin Yamai, ga abin da ya rage:

> "To, batun simintin nan. Jibi in Allah ya kai mu, ka ce ma direba shi tahi Malbaza bayan asuba, shi ɗauko tan goma wurin mutumenmu. Kuma ka hwaɗa mishi ni ban son irin ta rannan, mai ya ƙare tun ba a kai ko'ina ba. Wanga yaro ya ishe ni, in na zo sai mun zamna, amma wagga tsakaninmu ta. Mai dai ka ba shi jikka arba'in kamar kullum. Yaran lodi ɗari biyat. Shi kuma dubu biyu na abinci. Ina ga ma ko shi wuce Galmi, tunda kusa ne, shi jiyo muna kuɗɗin albasa... bari dai mu gani. Af, tsaya. Tan goman nan ta yi yawa, tayun baya ba su da ƙwari, shi ɗauko takwas. Amma hwa in mutumen ya ce tan ta wuce jikka sittin, kar shi loda, shi kira ni. In ya dawo ka ba shi takardar shi aje. A gaida mutanen gida."

Mai gajartawa zai rubuta wa direba: "Alhaji ya ce jibi ka je Malbaza ka ɗauko siminti tan goma, ka biya Galmi ka tambayo albasa." Jimla ce mai kyau, kowace kalma a cikinta ta fito daga bakin Alhaji, kuma kusan babu abin da ke daidai a ciki.

Mu fara da tan goma. Alhaji ya faɗe ta da ƙarfi a farko, ya janye ta can kusa da ƙarshe cikin sanyin murya. Kalmomin da ke nuna an zo wurin gyara sanannu ne: "af", "tsaya", "a'a bari", "na mance", "ko dai", "kai". Da ka ji ɗaya daga cikinsu, ka koma kayenka ka soke abin da ya gabata da layi guda, yadda za ka iya ganin tsohon a ƙarƙashi. A saƙon da za ka aika kuwa, kada tsohon adadi ya fito ko kaɗan. Wasu kan rubuta "ba goma ba, takwas", suna ganin sun ƙara bayani. Direban da ke karatu a tsaye bakin mota, rana na haska masa allo, yana iya riƙe goman ya bar takwas ɗin. Shi bai taɓa jin goma ba, don me za ka sa masa ita a kai? Rubuta tan 8, ka ƙara buhu 160 kusa da ita, tunda buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 ke cika tan guda. Adadi biyu masu gaskata juna sun fi ɗaya, domin in yatsanka ya zame ka buga 3 maimakon 8, buhu 160 ɗin zai tona kuskuren.

Sai "jibi". Jibin Alhaji daga daren Litinin yake ƙirga, wato Laraba 14. Kai ka saurara Talata. In ka kwafi kalmar yadda take ka aika, direba zai ƙirga daga Talata ya shirya wa Alhamis. Gobe, jibi, gata, citta, "rana ita yau", "Lahadi mai zuwa", duk suna rataye ne da lokacin da aka furta su, kuma da zarar saƙo ya kwana sun tashi daga inda suke. A rubuce sai sunan rana da kwanan wata tare. Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Da saƙon ya shigo ƙarfe 12:20 na dare, waya za ta nuna maka Talata, amma mutumin da bai kwanta ba har yanzu a Litinin yake a ransa, jibinsa dai Laraba ce. Haka nan in dattijo ya ce maka "daren Juma'a", ka san daren da ke wayewa Juma'a yake nufi, wanda agogon waya ke kira Alhamis da dare. Duk saƙon da aka aiko tsakanin isha'i da asuba, ranar da ke cikinsa abar tabbatarwa ce.

Kuɗi su ne inda zan fi daɗewa, don a ƙasarmu baki da takarda ba lissafi ɗaya suke yi ba. A baki muna ƙirga da dala, dala guda kuwa tamma 5 ce. Jikka ita ce 1.000 F. A takarda, a rasit, a wurin aika kuɗi, sefa ake rubutawa. Jikka arba'in ba ta da matsala, 40.000 F ce. "Ɗari biyat" na yaran lodi kuma a bakin ɗan kasuwa irin Alhaji dala ce, wato 2.500 F. Yaron da ya saba da lissafin lakwal zai rubuta 500 F, direba ya miƙa wa masu lodin buhu 160 abin da bai kai ba, a tsaya ana cacar baki a bakin mota.

"Dubu biyu na abinci" fa? In dala yake nufi, 10.000 F ke nan. In ya bi bakin matasa masu cewa dubu suna nufin jikka, 2.000 F ke nan. Kana iya kafa hujja ta kowane gefe. A cikin saƙon nan duk inda ya so faɗin dubban sefa "jikka" ya ce, wanda ke nuna dubunsa na dala ne. Ta ɗaya gefen kuma, mutumin da ke ƙorafin mai, da wuya ya ba da 10.000 F na abincin wuni guda. Idan hujja ta rabu biyu haka, ba naka ba ne ka zaɓa. Sa alamar tambaya a kaye ka wuce. Ka kuma riƙe wannan a ranka in harkar ta shafi kayan da ke shigowa ta Ƙwanni: can "dubu" tana iya zama naira. Duk adadin kuɗin da za ka rubuta, ka rubuta shi da lambobi, ka manna masa F, kada ka bar shi tsirara.

Yanzu sharaɗin: in tan ta wuce jikka sittin, kar a loda, a kira shi. Wannan ne abin da masu gajartawa suka fi yarwa, don yana zuwa a wutsiyar zance kamar ƙarin bayani, kuma saƙo ya fi kyan gani ba tare da shi ba. Alhali umarnin Alhaji ba "ɗauko siminti" ba ne, "ɗauko siminti in farashi bai wuce kaza ba" ne. In ka cire shi, ka ba direba izinin saye a kowane farashi da sunan maigida. Ko da za ka matse saƙo ya koma layi biyu, layi ɗaya na sharaɗi ne. Ka kuma rubuta shi da rassansa duka biyu, abin da za a yi in ya cika da abin da za a yi in bai cika ba, don kada direba ya tsaya Malbaza da mota wofi bai san ko ya juyo ko ya jira ba.

Batun Galmi kuwa ba umarni ba ne. "Ina ga ma ko", "bari dai mu gani", "da ma a ce", "wataƙila" duk alamar mutum ne yana juya abu a ransa. Murya tana nuna wannan sarai, rubutu kuwa ba ya nunawa. Da zarar ka sa shi a layi ɗaya da "Alhaji ya ce", ya zama doka. Direba zai ƙara tafiya gabas da mota cike da siminti a kan tayun da aka ce ba su da ƙwari, ya ƙona man da ake ta magana a kansa. Irin wannan ko dai ka bar shi gaba ɗaya, ko ka mayar wa mai shi a matsayin tambaya.

Ƙorafin da ya yi a kan direba yana da ɓangare biyu, kuma raba su shi ne gwanintar aikin. "Ka hwaɗa mishi ban son irin ta rannan" saƙo ne da aka ɗora maka, dole ka isar. "Wanga yaro ya ishe ni, in na zo sai mun zamna" kuwa ya ce tsakaninku ce. Ka isar da na farko da kalmomi marasa zafi, "Alhaji ya ce a kula da mai", ka binne na biyu. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ba na son a riƙa tura saƙon murya kai tsaye ga wanda aka yi maganarsa don gudun wahalar rubutu. Ba ka rage wa kowa aiki ba, ka dai kai wa direba zagin da ba a yi niyyar ya ji ba. Kada kuma ka zarce ta ɗaya gefen ka shafe gargaɗin don kunya. Ran da Alhaji ya tambaye shi "ba a hwaɗa maka ba?", kai za a juyo.

Sauran biyu ƙanana ne a ido. "In ya dawo ka ba shi takardar shi aje": wa za a ba? Direba ne ya zo da takardar, ba shi za a ba ba. Mai yiwuwa mai mangaza ake nufi, amma ba a ambace shi ko sau ɗaya ba. Mai magana yana ganin mutumin a zuciyarsa, sai ya ce "shi", ya ɗauka kai ma kana ganinsa. A rubuce kowane "shi", "ita", "mutumen nan", "wurin nan" sai ka maye shi da suna. Na biyun shi ne abin da ba a faɗa ba sam. Duba kayenka: akwai kuɗin mai, na lodi, na abinci. Ina kuɗin simintin? Tan 8 a kan 60.000 F ya kama 480.000 F. Kai za ka ba direba daga cikin cinikin shago, ko Alhaji zai aika daga Yamai, ko bashi ne tsakaninsu da mutumen? Wanda ke bin zance jimla-jimla ba zai taɓa lura da wannan giɓin ba, don babu jimlar da ta faɗe shi. Sai wanda ya tsaya ya kwatanta tafiyar a ransa, daga tashin mota a Tawa, ta Tsarnawa, har a sauke kaya a mangaza, yana tambayar kansa me direba zai buƙata a kowane mataki.

To, kafin kowa ya samu saƙo daga gare ka, Alhaji ne zai fara samu. Ja saƙon muryarsa zuwa dama don amsarka ta manne da shi, sannan ka rubuta:

> Salamu alaikum Alhaji, an tashi lafiya? Na ji saƙo. Ga abin da zan gaya wa direba:
> Laraba 14, bayan asuba, Malbaza, siminti tan 8 (buhu 160). In tan ta wuce 60.000 F kada ya loda, ya kira ku. Mai 40.000 F, lodi 2.500 F.
> Abu huɗu nake son ku tabbatar mini:
> 1. Na abinci 2.000 F ne ko 10.000 F?
> 2. Kuɗin simintin ni zan ba shi ko za ku aika?
> 3. Takardar mai mangaza zan ba?
> 4. Galmi a bari tukuna?

Ka lura kowace tambaya an gina ta yadda zai amsa da kalma ɗaya ko biyu. In ka ce masa "Alhaji ban gane batun kuɗin ba", wani minti biyar ɗin zai sake aiko maka, da sababbin gyare-gyare a ciki. Yara da yawa suna jin nauyin wannan matakin, suna ganin kamar tuhumar babba ne ko nuna ba su da fahimta. A abin da na gani, maigida yakan yi gunaguni sau ɗaya ko biyu, daga nan ya saba, har ya fara jiran saƙon tabbatarwar kafin ya kwantar da hankali. Kuma "to" ɗin da zai amsa maka a ƙarƙashin rubutunka ita ce shaidarka. Ka sa wa saƙon tauraro don ka same shi da sauƙi.

In Alhaji ba ya karanta boko sosai, kada ka fasa rubutun. Rubuta shi dai, sannan ka karanta masa shi cikin saƙon murya na daƙiƙa talatin, kana faɗin kuɗin da irin lissafinsa: "na abinci jikka biyu ko jikka goma?" Rubutun na nan don kai da direba, muryar kuma don shi.

A ce ya amsa: jikka biyu, shi zai aika kuɗin siminti, mai mangaza za a ba takarda, Galmi a bari. Yanzu kowa sai a ba shi nasa kaɗai. Direba:

> Saƙo daga Alhaji: Laraba 14, bayan asuba, ka tafi Malbaza ka ɗauko siminti tan 8 (buhu 160). In tan ta wuce 60.000 F kada ka loda, kira Alhaji. Kuɗin siminti shi zai aika. Zo shago yau ka karɓi 44.500 F: mai 40.000, lodi 2.500, abinci 2.000. Ya ce a kula da mai.

Mai mangaza kuwa layi biyu sun ishe shi: "Laraba 14 ana sa ran siminti buhu 160 daga Malbaza, a gyara wuri. In an sauke a ƙirga, zan kawo maka takardar ka ajiye." Ba ya buƙatar farashi, ba ya buƙatar kuɗin abincin wani. Na ce "ana sa ran" da gangan, don sharaɗin farashi na iya sa motar ta dawo wofi.

Ka ga na fara da "Saƙo daga Alhaji". Direba ya girme ka wataƙila, kuma umarni a rubuce daga yaron shago yana iya yi masa ɗaci in bai ga daga inda ya fito ba. Amma wannan buɗewar tana da nauyinta: duk abin da ya biyo bayanta dole ya zama na Alhaji. In kana da naka ra'ayin, kamar a duba tayun kafin a tashi, sa shi a saƙo na daban ka ce "ni kuma ina ganin".

Wani ɗan abu na waya. In direban ƙaramar salula gare shi, sai ta SMS, saƙo guda yana ɗaukar harafi 160. Amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ guda ɗaya, wayar tana sauya tsarin haruffa, iyakar ta faɗo zuwa 70, saƙon ya kasu gida-gida, kuɗinsa ya ƙaru, wasu tsofaffin wayoyi kuma su nuna masa akwati a wurin harafin. A wannan halin ka buga da haruffa marasa lanƙwasa, ka raba saƙon biyu da kanka, na tafiya daban na kuɗi daban, ka tabbata sharaɗin yana cikin saƙo ɗaya da umarnin. A WhatsApp kuwa in ka ga kuskure bayan ka aika, kana da minti 15 na gyarawa, sai dai gyaran ba ya buga wa mutum ƙararrawa. In ya riga ya karanta tsohon, ba zai koma ba, don haka adadi ko rana in suka sauya, sabon saƙo za ka aika ko ka kira.

Ga hanyar gane ko rubutunka ya yi kafin ka aika. Karanta shi kamar kai ne direba, ba ka ji muryar Alhaji ba, ka ga ko akwai inda za ka ce "wanne?" ko "yaushe?" Sannan ka yi saurare na uku, wannan karon rubutun na gabanka, kuma nan 1.5x ta halatta. Kana neman abu biyu: adadin da ke cikin murya wanda babu shi a rubutu ba tare da dalili ba, da abin da ke cikin rubutu wanda babu shi a murya ko a amsar Alhaji. Na biyun ya fi haɗari, domin shi ne abin da kanka ya cike da kansa. Daga baya kuma, in ka ga direba ya kira Alhaji kai tsaye yana tambayar abin da ya kamata a ce yana cikin saƙonka, ka nemi sanin me ya tambaya. Nan giɓin yake.

Saƙon ƴan'uwa yana bin wannan hanyar, amma da bambanci guda. In gwaggo ta aiko minti shida kan suna ko ɗaurin aure don a sanar da dangi, rana da wuri da gudummawa duk kamar na sama ne, har da matsalar dala da jikka. Sai dai gaisuwar da ka zubar a saƙon shago, a nan wani lokaci ita ma saƙo ce. In ta ce a gaida wane da wance da sunayensu, ta ce ta ji rashin lafiyar wane, kai kuma ka aika rana da adadi kawai, an ɗauka ita ce ta yi shiru da su. Layi guda ya wadatar: "Gwaggo tana gaida kowa, tana yi wa Baba sannu da jiki."

Akwai kuma saƙon da ba a mayar da shi rubutu sam. Ta'aziyya, neman sulhu, faɗan uba ga ɗa, maganar neman aure, rabon gado. A irin waɗannan yadda aka faɗa yana cikin abin da aka faɗa, kuma "ya ce bai yarda ba" a rubuce yana iya fin abin da dattijon ya furta kaushi nesa ba kusa ba, ko ya fi shi laushi. In irinsu ya biyo ta hannunka, ka nemi izinin mai shi ka tura muryar yadda take, ko ka rubuta wa wanda abin ya shafa cewa Kawu yana son magana da shi, ya kira shi bayan la'asar.